Tabbas Akwai Shi, Amma Nawa Ne? Tarihin Ƙaramin Bambanci a Cikin Manyan Alƙaluma

Tsakanin shekarar 1745 da 1770, rajistocin coci-cocin birnin Paris sun nuna an yi wa jarirai maza 251,527 baftisma, mata kuwa 241,945. Jimilla jarirai 493,472 ke nan, kuma ratar da ke tsakani ba ta wuce 9,582 ba. Idan aka mayar da ita kaso, maza sun tashi da kashi 50.97 cikin 100, wato kusan maza 104 a kan kowaɗanne mata 100. Ungozomar da ta shekara talatin tana karɓar haihuwa a unguwa ɗaya ba za ta taɓa lura da wannan rata ba. Amma da masanin lissafi Pierre-Simon Laplace ya zauna da waɗannan alƙaluma a wajajen 1780, sai ya lissafa cewa yiwuwar a ce haihuwar namiji ba ta rinjayi ta mace ba a Paris ta yi kusa da ɗaya cikin lambar da ake rubutawa da ɗaya da sifili 42 a bayansa. Da wuya a sami wani abu a ilimin halittar ɗan Adam na wancan zamani da aka tabbatar da shi haka.

Ba Laplace ne ya fara hango abin ba. Tun a 1710, John Arbuthnot, likitan Sarauniya Anne ta Ingila, ya duba rajistar baftisma ta Landan ta shekaru 82, ya tarar a kowace shekara maza sun fi mata yawa. Ya ce in da sa'a ce kawai ke aiki, hakan zai zama tamkar a jefa kwabo sau 82 ya faɗi a fuska ɗaya ba fashi. Masana tarihin ƙididdiga da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin gwajin muhimmanci na farko da aka buga. Abin lura shi ne, tun daga ranar farko, sakamakon da ya fi kowane ƙarfi ya zo ne a kan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Tabbaci ya kai maƙura, girma kuwa ɗan mitsitsi.

Yadda hakan ke faruwa ba wani sihiri ba ne, kuma ana iya bin sa da fensir. A ɗauka cewa haihuwar namiji da ta mace daidai wa daida suke. Ko da haka ne, ba za a riƙa samun rabi da rabi cif a kowane rukunin jarirai ba, domin sa'a tana rawa. Cikin jarirai 100, wani lokaci a sami maza 46, wani lokaci 55. Faɗin wannan rawa yana da ƙa'ida: ana raba 0.5 da tushen yawan jariran, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan nasu. Tushen 100 shi ne 10, saboda haka rawar sa'a a rukunin jarirai 100 ta kai maki biyar cikin ɗari. Wanda ya ƙirga maza 51 a irin wannan rukuni bai ga komai ba, domin ratarsa ta maki ɗaya ta nutse cikin rawar da ta ninka ta sau biyar.

A rukunin jarirai 10,000, tushen ya zama 100, rawar ta ragu zuwa rabin maki. Ratar nan ta maki ɗaya ba ta ƙaru da ko ƙwayar zarra ba, amma yanzu ta ninka rawar sa'a sau biyu. A rajistar Paris kuwa, tushen 493,472 ya kai kimanin 702, rawar ta koma kashi 0.07 cikin 100, kuma ratar kashi 0.97 ta ninka ta fiye da sau goma sha uku. Abin da kowane gwajin muhimmanci yake aunawa ke nan: sau nawa bambancin da aka gani ya ninka rawar sa'a. Lambar tana hawa ta hanya biyu. Ko dai bambancin ya girma, ko kuma yawan abin da aka ƙirga ya ƙaru har rawar ta lafa. Wanda aka ba shi lambar ita kaɗai ba shi da hanyar sanin wacce daga cikin biyun ce ta ɗaga ta. Akwai kuma tsada a hanya ta biyu, domin sai an ninka yawan mutane sau huɗu kafin rawar ta ragu da rabi. Wannan tsada ce ta ɓoye matsalar shekaru da dama, lokacin da tara bayanai yake cin kuɗi da gumi.

Ƙa'idar da ake koyarwa a jami'o'i a yau ta fito ne daga duniyar ƙarancin bayanai. William Gosset, wanda ya buga aikinsa a 1908 da sunan aro, ma'aikaci ne a kamfanin giya na Guinness a Dublin, kuma damuwarsa ita ce yadda zai yanke hukunci a kan sha'ir da sauran kayan haɗi daga gwaje-gwajen da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ronald Fisher ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, inda ake gwada taki da iri a kan 'yan filaye ƙalilan, ga bambancin ƙasa, ga sauyin ruwan sama daga shekara zuwa shekara. Babban haɗarin mai bincike a irin wannan wuri shi ne ya ga fili ɗaya ya fi wani yabanya ya ɗauka takin ne, alhali kuwa dace ne. A littafinsa na 1925 kan dabarun ƙididdiga ga masu bincike, Fisher ya ba da shawarar iyaka mai sauƙin riƙewa: idan sakamako irin wanda aka samu, ko wanda ya fi shi nisa, ba zai fito ta hanyar sa'a kaɗai ba sai ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin, to ya cancanci a kula da shi. Wannan yiwuwa ita ce ake rubutawa da harafin p, iyakar kuma ita ce p < 0.05. Ta yi daidai da a ce bambancin ya ninka rawar sa'a kusan sau biyu.

A gonar gwaji mai filaye goma ko ashirin, iyakar tana yin aiki biyu a lokaci guda ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Rawar sa'a tana da faɗi sosai, don haka duk takin da ya tsallake iyakar, to lalle ya ƙara amfanin gona da abin da manomi zai gani a rumbunsa. Tabbaci da girma suka riƙa tafiya tare, har mutane suka manta cewa abu biyu ne. Kalmar da aka zaɓa ta ƙara dagula lamarin. A bakin masana ƙididdiga tana nufin sakamako yana nuna alamar wani abu, amma a kunnen sauran jama'a tana nufin babba ne, mai nauyi. Har yau, idan rahoton bincike ya ce an sami bambanci mai muhimmanci ta fuskar ƙididdiga, kafin labarin ya iso gidan rediyo ya zama gagarumin bambanci.

Wanda ya fara buga ƙararrawa da ƙarfi shi ne Joseph Berkson, likita kuma masanin ƙididdiga a asibitin Mayo da ke jihar Minnesota ta Amurka. A wata maƙala ta 1938, ya ce duk wanda ya daɗe yana wannan aiki ya san cewa idan bayanai suka yi yawa, p tana fitowa ƙarama. Ya kawo misalin ma'aunai 200,000, ya ce kusan kowane masani zai yarda tun kafin a duba cewa za su saɓa wa siffar da ake gwada su da ita fiye da kowace iyaka da aka saba. Sai ya yi tambayar da ta fi ciwo: idan an san amsar gwaji tun kafin a yi shi muddin bayanan suna da yawa, to me gwajin yake faɗa idan bayanan kaɗan ne? Abin da yake faɗa kawai shi ne ba a tara isassu ba tukuna.

Hujjar Berkson ta dogara ne a kan cewa hasashen da ake gwadawa, wato babu bambanci ko kaɗan, kusan bai taɓa zama gaskiya cif ba a duniyar mutane. Azuzuwa biyu, garuruwa biyu, masu haihuwar safe da masu haihuwar dare, in aka auna su da ma'auni mai kaifi za a tarar sun bambanta a lamba ta uku ko ta huɗu bayan ɗigo. Paul Meehl da David Lykken na Jami'ar Minnesota sun nuna hakan a aikace. Sun ɗauki amsoshin ɗaliban sakandare kimanin 57,000 da aka tattara a jihar a 1966, suka zaɓi abubuwa 15, irin su sana'ar uba, ilimin uwa, yawan 'yan'uwa, matsayin yaro a jerin haihuwa, ɗariƙar addini da abin da yake yi a lokacin hutu. Abubuwa 15 suna ba da haɗi bibbiyu guda 105. Dukkan haɗin 105 sun tsallake iyakar muhimmanci, kuma 101 daga cikinsu da p da ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba. Meehl ya kammala da cewa a ilimin halayyar ɗan Adam komai yana da ɗan alaƙa da komai, saboda haka mai bincike da ya samo alaƙa a cikin tarin bayanai bai tabbatar da ra'ayinsa ba, ko da ra'ayin ya yi hasashen alaƙar.

Akwai wata kafa ta biyu da ƙaramin bambanci ke shigowa ta cikinta, kuma Laplace da kansa ya ci karo da ita. Ya lura cewa rinjayen maza a Paris, kimanin 25 a kan 24, ya ɗan gaza wanda ake samu a wasu wurare, kimanin 22 a kan 21. Alƙaluman sun yi yawan da ba za a ɗora wannan a kan sa'a ba. Mai gaggawa zai fara neman dalili a iskar Paris ko abincinta. Laplace ya duba rajistar gidan renon jariran da aka yasar, ya tarar rinjayen maza a can ya fi na ko'ina ƙanƙanta. Bayanin da ya bayar shi ne, iyaye a ƙauyukan kewaye suna riƙe 'ya'ya maza saboda amfaninsu, suna aika mata da yawa zuwa gidan renon, a yi musu baftisma a Paris su shiga lissafin birnin. Bambancin gaskiya ne a takarda, amma ba na haihuwa ba ne, na hanyar da sunaye suka shiga rajista ne. Yawan bayanai yana kwantar da rawar sa'a, amma ba ya taɓa irin wannan karkata ko kaɗan. Hasali ma yana haska ta ne, har ta fito da p mai ban sha'awa.

Maganin da aka daɗe ana bayarwa shi ne a faɗi girman tasirin kansa. Jacob Cohen, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York, ya yaɗa wani ma'auni a littafinsa na 1969, wanda ake rubutawa da harafin d. Ana ɗaukar ratar da ke tsakanin matsakaicin rukuni biyu, a raba ta da yadda mutane suke bazuwa a cikin rukunin, wato gwargwadon nisan da mutum yakan yi daga matsakaici. Yawan mutanen da aka auna ba ya kumbura wannan lamba. Cohen ya kira 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, kuma ya ba da misalan da ido ke iya gani. Ya ce 0.2 ya yi kama da bambancin tsayi tsakanin 'yan mata masu shekara 15 da masu 16, kimanin rabin inci, 0.8 kuwa kamar tsakanin masu shekara 13 ne da masu 18. Ya yi gargaɗi cewa waɗannan iyakoki na wucin gadi ne, na wanda ba shi da abin da ya fi su. Ba a saurari gargaɗin sosai ba, kamar yadda ba a saurari na Fisher ba lokacin da ya ce sakamakon gwaji ɗaya bai isa kafa hujja ba sai an maimaita.

Da wannan ma'auni a hannu, ana iya karanta ɗaya daga cikin binciken da ya fi tayar da ƙura a wannan ƙarni. A mako guda na watan Janairun 2012, kamfanin Facebook ya sauya abin da mutane 689,003 suke gani a shafukansu ba tare da saninsu ba. An rage wa wasu rubuce-rubuce masu kalmomin farin ciki, an rage wa wasu masu kalmomin baƙin ciki, sannan aka ƙirga irin kalmomin da su kansu suka rubuta. Da aka buga sakamakon a Yunin 2014, kanun labarai suka ce Facebook ya juya zukatan mutane. An yi fushi, kuma fushin a kan rashin neman izini yana da hujja. Amma girman abin da aka samu wani labari ne dabam.

A rukunin da aka rage wa labaran farin ciki, kason kalmomin farin ciki a rubutunsu ya ragu da kashi 0.1 cikin 100, wato kalma ɗaya cikin dubu. An kwatanta mutane kimanin 310,000 a wannan ɓangare, ratar ta ninka rawar sa'a fiye da sau biyar da rabi, p kuma ta gaza 0.001. Ma'aunin Cohen ya ba da 0.02, kashi ɗaya cikin goma na abin da shi ya kira ƙarami. In aka koma misalin tsayin 'yan mata, wannan bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Da za a zaro mutum ɗaya daga kowane rukuni da ka, yiwuwar wanda ba a rage wa labaran farin ciki da gangan ba ya fi ɗayan yawan kalmomin farin ciki ba ta wuce kashi 50.6 cikin 100 ba, ɗan gaba kaɗan da jefa kwabo. Da kuma mutum dubu aka yi wa gwajin, wannan rata ɗin ba za ta kai ko rabin rawar sa'a ba, kuma babu mujallar da za ta buga ta a matsayin gano wani abu. Ga kuma kafar Laplace a buɗe: manhajar da aka yi amfani da ita kalmomi take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ba yanayin zuciya ba, har jimlar da mutum ya ce ba ya farin ciki tana iya shiga lissafin farin ciki.

Masu binciken ba su ɓoye ƙanƙantar tasirin ba. Sun ce a dandali mai girman Facebook, ƙaramin abu in aka ninka shi da ɗaruruwan miliyoyin mutane yana zama dubban ɗaruruwan kalamai a rana. Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma ita ce ke hana a mayar da darasin Berkson wata sabuwar ƙa'ida makauniya mai cewa ƙarami ba shi da amfani. Sai dai tana sauya tambayar. Nauyin ƙaramin tasiri ya dogara ne a kan mene ne ake ƙirgawa, wa zai ɗauki kuɗinsa, da abin da zai biyo baya, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin p. A 2016, Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa mai ƙa'idoji shida, ɗaya daga cikinsu tana cewa p ba ta auna girman tasiri ko nauyin sakamako. Shekaru 78 ke nan bayan maƙalar Berkson. Abin da masana da yawa suke nema a maimakon haka shi ne a faɗi girman a ma'aunin da mutane suka sani, tare da tazarar da ake kyautata zaton gaskiya tana ciki. Ga jariran Paris, tazarar ita ce daga kashi 50.83 zuwa 51.11 cikin 100. Wannan layi ɗaya ya faɗi abu biyun tare: rinjayen ba ya cikin shakka, kuma bai wuce maki ɗaya da ɗoriya ba.

Misalin da ya fi nuna ɗaya gefen ya fito ne daga likitanci. A 1982 aka fara wani gwaji a Amurka da likitoci maza 22,071. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suna shan asfirin miligiram 325 kwana ɗaya bayan ɗaya, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Rahoton farko da ya fito a Janairun 1988 ya nuna mutum 104 cikin 11,037 masu shan asfirin sun sami bugun zuciya, a ɗaya ɓangaren kuwa 189 cikin 11,034. Kwamitin sa ido ya tsayar da gwajin asfirin ɗin kafin wa'adinsa, don yana ganin bai dace a ci gaba da hana rabin mutanen maganin ba.

Wannan sakamako ɗaya ana iya faɗinsa ta hanya uku, kuma kowacce gaskiya ce. Haɗarin ya ragu da kusan rabi, daga kashi 1.71 zuwa 0.94 cikin 100, kuma wannan ce jaridu suka ɗauka. A ma'aunin alaƙa da masana halayya suka saba da shi, Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard ya lissafa 0.034, lambar da ɗalibi zai yi watsi da ita in ya gan ta a aikin digirinsa. Hanya ta uku ita ce ta likitan da ke zaune da majiyyaci: ratar kashi 0.77 cikin 100 tana nufin sai mutum kusan 130 sun sha ƙwayar na kimanin shekara biyar kafin a kauce wa bugun zuciya ɗaya. Da wannan lamba ta uku ce kawai ake iya auna riba da hasara, domin asfirin yana jawo zubar jini a ciki, kuma gwajin ya nuna alamar ƙarin shanyewar jiki ta dalilin zubar jini a ƙwaƙwalwa, bai kuma nuna raguwar mace-macen cututtukan zuciya da jijiyoyi gaba ɗaya ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, har da manya guda uku da aka buga a 2018, sun sa hukumomin lafiya a Amurka sun janye daga ba da shawarar asfirin na kullum ga tsofaffin da ba su taɓa samun ciwon zuciya ba, saboda a wurinsu haɗarin zubar jinin ya kai amfanin ko ya zarce shi.